Me Ya Sa Ake Auna Taransifoma da kVA Maimakon Kilowat?

A jikin kowace taransifoma akwai ɗan farantin ƙarfe da masu ƙira suka liƙa mata tun daga masana'anta. Wanda ya matsa kusa da ta unguwarsu ya karanta, zai ga an rubuta wani abu kamar 300 kVA, sannan 11000/415 V, sannan 50 Hz. Da lambar farko ake yi mata suna, a ce mai ɗari uku ce ko mai ɗari biyar. Sai dai kusan duk sauran kayan wutar da ke cikin gida da wat ake auna su. Dutsen guga wat 1,000 ne, hitar ruwa ta kai 1,500, mitar da ke bango kuma kilowat-awa take ƙirgawa. Shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka cewa ɗari ukun nan ma kilowat ne, har kwamitin unguwa ya zauna ya tara kayan da ke gidaje da shaguna, ya ga jimillar ba ta kai 300 ba, ya ce ai da sauran wuri. Wata biyu bayan nan sai a ji ana karo-karon kuɗin gyara.

Masu bin labaran kamfanin dakon wutar lantarki na Najeriya, TCN, sun saba da irin wannan bambanci ko da ba su lura ba. Idan aka kafa sabuwar taransifoma mai 60 MVA a wata tasha, sanarwar takan ce an samu ƙarin megawat 48. Idan mai 150 MVA ce, irin waɗanda ke tashar Kumbotso a Kano, sai a ce megawat 120. Ba wuta aka sace a hanya ba. Lambar farko ta taransifomar ce, ta biyu kuwa hasashe ne na abin da masu amfani da wuta za su iya tatsa daga cikinta.

Abubuwa biyu ake aunawa a kan wayar lantarki. Akwai ƙarfin da ke tura wutar, wanda ake aunawa da bolt, akwai kuma yawan wutar da ke kwarara cikin wayar, wanda ake aunawa da amfiya. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a samu bolt-amfiya, dubunsa kuma shi ne kilobolt-amfiya, wato kVA ɗin da ke kan farantin. Shi kuwa wat, ma'aunin aikin da wutar ta yi ne a zahiri: zafin da ta bai wa dutsen guga, hasken da ta bai wa ƙwai, juyin da ta bai wa injin niƙa. A wutar batir, wadda ke tafiya ta fuska ɗaya, waɗannan biyun abu guda ne, domin bolt sau amfiya shi ne wat ba ragi. Wutar da ke zuwa daga turke ce ta raba su.

Ita wannan wuta kai da komo take yi, sau 50 a kowace daƙiƙa a Najeriya da Nijar. Turin yana hawa yana sauka, kwararar ma tana hawa tana sauka. Idan kayan da aka jona hita ne ko dutsen guga, biyun suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma duk amfiyar da ta shiga ta zama zafi. Amma duk abin da ke da koyil a cikinsa, kamar moton injin niƙa, da famfon rijiyar burtsatse, da kwamfuresar firji, da injin walda, sai ya fara gina maganaɗisu kafin ya yi aiki. Yakan ja wuta ya gina shi, sannan idan zagayen ya juya, maganaɗisun ya rushe ya mayar da wutar cikin layi. Haka yake yi ba tsayawa muddin yana kunne. Wannan ja da mayarwa shi ke sa kwarara ta riƙa zuwa a makare, bayan turi ya riga ya wuce ƙololuwarsa. A moto mai aiki da cikakken nauyi, jinkirin bai fi kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa ba, amma ya isa ya sa wani ɓangare na amfiyar ya zama mai zirga-zirga kawai, ba ya juya dutse, ba ya ɗaga ruwa.

A kwatanta da ɗan garuwa da ke tura kura zuwa wani gida, amma duk zuwa sai an dawo masa da wasu jarkoki a cike, ya koma da su, ya sake kawo su. Mai gida ba zai biya sai kuɗin ruwan da aka juye masa ba. Tayoyin kura da bayan mai turawa kuwa sun ɗauki nauyin duka, zuwa da dawowa.

Injiniyoyi suna da lambar da ke nuna kason amfiyar da ya zama aiki, suna kiranta fawa fakta, kuma tana tsakanin 0 da 1. Dokar gajera ce:

```
kW = kVA × PF
```

Hita tana da 1. Moto mai ɗauke da cikakken kaya yakan kasance tsakanin 0.8 da 0.85. Moton da ke juyawa ba komai a cikin injin, ko wanda aka sayo babba fiye da aikinsa, yakan faɗo ƙasa da 0.5, domin maganaɗisun da yake buƙata bai ragu ba, aikin ne ya ragu. Daga nan 48 ɗin TCN ta fito: 60 sau 0.8.

Ga yadda abin yake a shago guda. Hita mai wat 2,300 a kan bolt 230 tana jan amfiya 10. Moton da shi ma ke cin wat 2,300 amma fawa faktarsa 0.7 ce, yana jan amfiya fiye da 14. Mitar shago za ta ƙirga musu kuɗi ɗaya. Wayar da ta fito daga turke da koyil ɗin da ke cikin taransifoma su ne suka san ba ɗaya ba ne.

Taransifoma ba ta da wani sashe mai juyawa da zai gaji. Abin da ke kashe ta zafi ne, kuma wurare biyu yake fitowa. Na farko ƙarfen da ke tsakiyarta, wanda aka yi da siraran faranti aka jera. Maganaɗisun cikinsa yana juya fuska ba dare ba rana, yana ɗumama shi, kuma yawan wannan ɗumi ya dogara ne ga bolt ɗin da aka ba ta. Ko unguwa duka ta kashe komai, muddin layin 11,000 na da wuta, wannan asara tana nan, ita ce ma tare da ƙugin da ake ji idan dare ya yi tsit. A taransifoma mai 300 kVA ba ta wuce ɗaruruwan wat. Wuri na biyu shi ne wayar koyil, ta jan ƙarfe ko ta alminiyom, wadda ke zafi gwargwadon amfiyar da ke bi ta cikinta. A cikakken nauyi wannan yakan kai kilowat uku zuwa huɗu, kuma ba a hankali yake hawa ba. Idan amfiya ta ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Idan ta ninka uku, ya yi tara.

To zafi ɗaya na bolt ne, ɗaya na amfiya. Babu wanda a cikinsu ya damu da ko amfiyar ta yi aiki a gidan wani ko zirga-zirga kawai ta yi. Mai ƙira ya zaɓi kaurin ƙarfe da yawan zagayen waya da kaurin takardar rufi daidai da bolt, ya zaɓi kaurin waya da girman tankin mai daidai da amfiya. Iyakar abin da zai iya ɗaukar alkawari a kai ke nan, kuma ninkin su biyun shi ne kVA. Ba shi da hanyar sanin ko za a kafa ta a rukunin gidajen ma'aikata ne, inda fawa fakta ke kusa da 0.9, ko a layin masu casar shinkafa da 'yan walda, inda za ta iya sauka 0.7. Da ya rubuta kilowat, da ya yi alkawari a madadin mutanen da bai taɓa gani ba. Taransifoma guda mai 300 kVA za ta ba da kilowat 300 idan hitoci ne zalla a kanta, ta ba da 240 a kan 0.8, ta ba da 180 kacal a kan 0.6, kuma a duka ukun zafinta ɗaya ne.

Babu hujjar da ta kai gwajin da ake yi mata a masana'anta. Masu gwaji sukan haɗe bakunan fitar wutarta da sandar jan ƙarfe mai kauri, ta yadda ba kayan da za ta ciyar. Sannan su riƙa ƙara mata wuta kaɗan-kaɗan ta ɗaya ɓangaren har amfiya ta kai wadda aka rubuta a faranti. Kashi 4 ko 5 cikin ɗari na cikakken bolt ya isa, wato wajen bolt 440 zuwa 550 a maimakon 11,000. A wannan hali ba ta bai wa kowa ko kilowat ɗaya ba, amma koyil ɗinta yana zafi tamkar unguwa guda na rataye a wuyanta. Da irin wannan haɗi ake barinta na sa'o'i a auna yadda man cikinta ke ɗumama. Ma'aunin kilowat ba zai ga komai ba a ranar sai 'yar asarar da ke zama zafi a cikinta, alhali taransifomar tana kan iyakarta.

Iyakar kuwa takarda ce ta gindaya ta. An naɗe wayoyin koyil da takarda ta musamman, an nutsar da su cikin mai, man yana kwashe zafi ya kai shi fikafikan tanki iska ta ɗauke. Haruffan ONAN da ke kan faranti abin da suke nufi ke nan, mai da iska suna zagayawa da kansu ba famfo ba fanka. Ƙa'idojin hukumar IEC, waɗanda mafi yawan masu ƙira ke bi, sun yarda man saman tanki ya ɗara iskar waje da digiri 60, koyil kuma da digiri 65. An gina lissafin a kan cewa wuri mafi zafi a cikin koyil zai tsaya wajen digiri 98, kuma duk ƙarin digiri 6 a kan haka yana ninka saurin tsufar takarda sau biyu. Takardar da ta tsufa takan bushe ta yi ƙamas, ta tsage ranar da aka samu wata 'yar girgiza a layi, waya ta taɓa waya. Akwai wani sharaɗi da ya kamata mutanen Arewa su sani: an yi wannan lissafi ne a kan iskar da ba ta wuce digiri 40, wadda matsakaicinta a shekara 20 ne. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, watan Afrilu yakan haura 40, kuma a lokacin ne kowa ke kunna fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki. Taransifomar da ke cike maƙil a irin wannan rana ta riga ta wuce abin da aka tsara mata, ko da amfiyarta ba ta haura ta faranti ba.

A ɗauki misalin wata unguwar bakin kasuwa mai taransifoma 300 kVA, inda akwai injinan niƙa da na casa, da shagunan walda, da masu ƙanƙara, da gidaje. Abin da ma'aikaci zai fara nema shi ne amfiya nawa kowane layi daga cikin ukun zai iya ɗauka:

```
A = (kVA × 1000) ÷ (1.732 × V)
```

Dubu 300 a raba da 1.732 sau 415 ya ba da amfiya 417 a kowane layi. Mai 200 kVA tana da 278, mai 500 kVA kuma 696. Waɗannan lambobi uku sun fi duk wani lissafin kilowat amfani ga mai kula da taransifoma.

A ce da rana tsaka kayan unguwar suna cin kilowat 240. Mai kallon kilowat zai ce saura 60. Amma yawancin nauyin moto ne, wasu ma suna juyawa ba kaya, don haka fawa faktar layin 0.7 ce. Idan aka raba 240 da 0.7 sai a samu kVA 343, wato amfiya 477 a inda aka tanadi 417. Ƙarin kashi 14 cikin ɗari ne kawai, abin da ba zai tayar wa kowa hankali ba. Sai dai da yake zafin waya ninkin amfiya a kanta yake bi, koyil yana fitar da zafin da ya ɗara na ƙa'ida da kusan kashi 31. Taransifomar ba za ta fashe a ranar ba, kuma wannan ne ke yaudarar mutane. Mai yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ɗumama, saboda haka takan jure ɗan lokaci na wuce gona da iri idan ta samu hutu bayansa. Wadda ba ta samun hutun kuwa tana cinye shekarunta ne da sauri.

Alamun suna fitowa kafin ƙarshe. Wuta takan yi rauni a ƙarshen layi, domin ƙarancin fawa fakta yana ƙara faɗuwar bolt a cikin taransifoma da kan wayoyi. Moton da bai samu isasshen bolt ba kuma sai ya ƙara jan amfiya don ya riƙe aikinsa, matsalar ta ƙara ciyar da kanta. Mai yakan fara tsattsafowa ta bakin murfi, kawunan kebul su canja launi, fis ya riƙa tsinkewa da yamma. A nan ne ake yin kuskure mafi tsada, idan aka gaji da sauya fis aka ɗaura jar waya mai kauri a gurbinsa. Fis ɗin amfiya yake ji, wato ainihin abin da ke ƙona koyil, kuma cire shi daga hanya bai rage amfiya ko ɗaya ba.

Magani na farko da ke zuwa a ran mutane shi ne a nemo mai ɗari biyar. Wani lokaci hakan ne daidai. Amma a wannan unguwa ta misali akwai hanya mai sauƙin kuɗi, ita ce kafasita. Ita ma tana karɓar wuta ta mayar, sai dai lokacinta kishiyar na koyil ne: sa'ad da moto ke mayarwa ita tana karɓa, sa'ad da yake nema ita tana bayarwa. Idan aka ajiye ta kusa da moton, sai kai da komon ya tsaya tsakaninsu, taransifoma ta huta da shi. Ana auna wannan wuta mai zirga-zirga da kVAr. Don a ɗaga layin daga 0.7 zuwa 0.95 a kan kilowat 240, ana buƙatar wajen kVAr 166. Bayan haka nauyin zai sauko kVA 253, amfiya ta dawo 351, zafin koyil kuma ya koma kusan kashi 71 cikin ɗari na iyakarsa. Ba injin da aka kashe, ba shagon da aka yanke. Sharuɗɗa biyu ne kawai. Dole kafasitar ta kasance a ɓangaren masu amfani da wuta, domin idan aka sa ta a layin 11,000 ba ta sauke wa wannan taransifoma komai ba. Dole kuma ta riƙa shiga da fita tare da injinan, ko da na'ura mai sarrafa kanta, domin kafasitar da aka bari a layi da dare bayan an kashe motoci tana iya ɗaga bolt fiye da kima. Manyan masana'antu sun daɗe da sanin wannan, tun da mitarsu tana rubuta mafi girman kVA da suka ja, ba kilowat kaɗai ba.

Akwai wata hanyar da lambar faranti ke ɓatar da mutane ko da fawa fakta lafiya lau ce. Ɗari ukun nan an raba ta ne gida uku, kowane layi da koyil ɗinsa da kVA 100. A unguwanni da yawa gidaje suna da abin sauya layi, kuma da zarar wuta ta yi rauni a ɗaya sai kowa ya koma wanda ya fi haske. Ana iya samun ja yana ɗauke da amfiya 520, rawaya 300, shuɗi 250. Jimillar ba ta kai iyakar taransifomar ba, amma koyil ɗin ja yana fitar da zafin da ya ɗara nasa na ƙa'ida da fiye da rabi, kuma koyil ɗaya ya isa ya kashe ta. Gano wannan ba ya buƙatar komai sai mitar nan mai baki kamar awartaki da ake maƙalawa a kebul. Ma'aikacin da ke da izinin buɗe akwatin fis zai auna layukan uku da wayar nutural a lokacin da nauyi ya fi yawa, ya gwada da 417. Injiniyoyi da yawa sun fi son su ga taransifomar unguwa tana aiki a wajen kashi 80 cikin ɗari, wato amfiya 330 da 'yan kai a nan, saboda zafin gari da kuma fizgar da moto ke yi wajen tashi, wadda kan kai ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ja a tafe.

Moto shi da kilowat ko ƙarfin doki ake rubuta masa, domin mai ƙira ya san aikin da sandarsa za ta yi, ya kuma san fawa faktarsa, shi ya gina ta a ciki. Janareta kuwa lamba biyu gare shi, saboda abu biyu ne aka haɗa. Ɓangaren da ke samar da wuta koyil ne kamar na taransifoma, iyakarsa kVA. Injin dizal ɗin da ke juya shi kuma aikin zahiri kaɗai yake ji, iyakarsa kilowat. Shi ya sa farantin janareta mai 100 kVA yakan ce 80 kW a kan 0.8. Mai gidan burodin da ya jona masa tanda mai cin kilowat 100 zai ji injin ya shaƙe ya fara baƙin hayaƙi, alhali koyil bai wuce iyakarsa ba. Mai injinan casa da fawa faktarsu ta sauka 0.6 zai ga akasin haka: a kilowat 70 injin dizal yana tafiya cikin natsuwa, amma koyil yana ɗauke da kVA 117, kuma shi ne zai fara ƙauri.